Lambar da Ta Maƙale a Murfi

Sababbin bas biyar kamfani ya sayo, direbobi kuma talatin ne a garejin. Daga nan duk rigimar ta taso.

Sannu-Sannu ya shigo ranar ƙuri'a yana jan ƙafar hagu. Shekara da shekaru ya yi yana tuƙa wata tsohuwar bas da ake kira Gwaggo, mai kulochin da sai ka taka shi kamar kana kashe maciji kafin giya ta yarda ta shiga. Ita ta cinye masa gwiwa. Likitan kamfani bai yi masa rufa-rufa ba, ya ce ko dai ya rabu da kulochi kafin wata ya mutu, ko a raba shi da titi a mai da shi bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda. Sababbin bas ɗin kuwa ba su da kulochi sam, da kansu suke canza giya. Ɗaya daga cikinsu ita kaɗai za ta bar shi a kan sitiyari.

Ya kai wa manaja takardar likita. Kafin mako ya zagayo, kowane direba ya kawo tasa: mai baya, mai wuya, har da mai ƙaiƙayin tafin ƙafa. Manaja ya tattara takardun ya tura gefe, ya ce ƙungiyar direbobi ta je ta yi ƙuri'a, ta kawo masa suna biyar kafin a tashi aiki. In ba ta kawo ba, zai zaɓa da kansa. Kowa kuwa ya san waɗanda ke wanke wa manaja mota ranar hutu.

Da safen ranar, Sannu-Sannu yana ɗaura igiyar takalmi, matarsa ta tsaya a kansa da kofin shayi.

"Kai kana ciki, ƙanena yana ciki. To ni wa zan yi wa addu'a?"

"Mai gwiwa ɗaya," in ji shi. "Ƙanen naki biyu gare shi, har da ta uku a baki."

Ƙanen nata shi ne Guguwa. Sannu-Sannu ne ya ɗauko shi yana kwandasta, ya koya masa tuƙi a kan Gwaggo, ya tsaya masa har ya samu tasa motar. Yaron kirki ne, sai dai gaggawa, ko gaisuwa da gudu yake yinta.

A ɗakin hutun direbobi aka taru. An ja dogayen bencina an jera, fanka tana ta juyi a sama ba ta tsinana komai. A jikin bango ga allon makullai, inda kowane direba yake rataye lambarsa in ya ɗauki makullin mota. Lambar nan wani falan ƙarfe ne zagaye, mara nauyi, da huda a sama da lambar mutum a tsakiya. Da su aka yarda a yi ƙuri'ar, don ba wanda zai ce an rubuta sunansa a ƙaramar takarda, na wani a babba.

Sakatariyar ƙungiya, wata mai tabarau da ke aiki a ofishin lissafi, ta jingina wayarta a kan taga ta kunna bidiyo, sannan ta karanta ƙa'idoji. Mutum ɗaya, lamba ɗaya. Lambar da ta fito ba ta komawa ciki, za a rubuta ta a rataye ta a allo kowa yana gani. Na farko ya ɗauki mota ta farko, haka har ta biyar. Ba kyauta, ba musaya. Ƙuri'a sau ɗaya ce, ba a sake ta sai in an kama maguɗi. Takarda ta zagaya, kowa ya sa hannu.

"Wanda bai gane ba ya yi magana yanzu," in ji ta. "In an gama, kunnena a toshe yake."

Aka kawo bokitin giris daga wurin makanikai, an wanke shi fes. Shugaban ƙungiya ya kifa shi, ya buga gindinsa, ya nuna wa jama'a da waya cewa babu komai a ciki. Sakatariya ta shiga kiran suna, kowa ya taso ya nuna lambarsa ya jefa, ita kuma ta ja layi.

Da aka zo kan Mai Turare, wanda ƙamshinsa ke riga shi shiga ɗaki, sai ta ɗago kai.

"Buɗe ɗayan hannun."

"Haba Sakatariya, mene ne a hannu?"

"Buɗe dai."

Lamba biyu ce da shi. Tsohuwar ta taɓa ɓata, makanike ya yanko masa sabuwa mai ɗan kauri, daga baya tsohuwar ta fito a aljihun wani wando. Ɗaki ya ɗauki ihu.

"Wallahi tambaya zan yi wacce za a saka!"

"Mun ji," in ji Shugaba. "Saka sabuwar, kawo tsohuwar in ajiye maka, kar ta sake ɓata ta faɗa bokiti."

Suna talatin, lamba talatin. Saura mai zarowa, kuma an riga an ce ba ɗan gareji ba. Aka leƙa waje, aka tarar da wata dattijuwa a ofishin kayan da aka manta, ta zo neman lemarta da ta bari a bas. Aka roƙe ta, ta shigo tana mita.

"Ni lema ta kawo ni, ba shari'a ba."

"Mama, hannunki kawai muke aro."

Shugaba ya danna murfi, ya ɗaga bokiti ya girgiza har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Da ya zo buɗewa, murfi ya ce bai san zancen ba. Sai da aka sa sukudireba aka ɓamɓare shi. Shugaba ya yi tsaki, ya kifa shi a ƙarshen tebur, ya ce a miƙo tawul. Daga nan da tawul aka riƙa rufe bakin bokitin, a girgiza, Mama ta kau da kai ta zura hannu ta ƙarƙashi.

Ta farko, Mai Turare.

"Kai! Mai lamba biyu!"

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama," ya ce, yana gyara wuyan riga.

Sakatariya ta ɗaga lambar ga waya, ta faɗa da ƙarfi, ta rubuta, Shugaba ya rataye. Ta biyu ta fito. Ta uku. Ta huɗu. Sannu-Sannu yana zaune a ƙarshen benci, ya miƙe ƙafar nan, yana murza gwiwa da tafin hannu. Ta taga yana hango rumfar mai gadi da sandar nan mai ja da fari. Ya kau da ido.

Mama ta zura hannu karo na biyar, ta ɗan yi lalube, ta zaro. Tun kafin Sakatariya ta buɗe baki ya gane ta. Akwai wata 'yar tsaga a gefenta, tun ranar da Gwaggo ta taka ta.

"Sannu-Sannu!"

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Guguwa ya tsallake benci biyu ya rungume shi har ya kusa kai shi ƙasa.

"Yaya! Shi ke nan, Gwaggo ta zama bazawara!"

"Sake ni, ɗan nema, gwiwar fa!"

Mama ta karɓi lemarta ta fita. Waɗanda ba su ci ba suka fara miƙewa suna kaɗe wando. Sakatariya ta buga tebur da biro.

"Ba a gama ba. Sai an ƙirga saura."

Ta zazzage bokiti a tebur. Biyar a allo, don haka ashirin da biyar ya kamata a gani. Ta jera su biyar-biyar. Layi huɗu suka cika, na ƙarshe ya tsaya a huɗu. Ta sake ƙirgawa. Shugaba ya ƙirga da nasa yatsan. Aka leƙa ƙarƙashin tebur, aka kakkaɓe tawul.

"Kowa ya zo ya ɗauki tasa," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauka, tebur ya zama wayam. Mutum ɗaya ya rage a tsaye hannu sake.

"Ina tawa?" in ji Guguwa.

Shugaba ne ya kai hannu ya ɗaga murfin. An wanke bokiti, ba wanda ya tuna da murfi. Giris ne dam a cikinsa, baƙi ƙirin, ga lambar Guguwa a manne a tsakiya kamar ƙuda a cikin zuma.

Ɗaki ya hargitse. Waɗanda suka kusa fita suka dawo da gudu.

"A sake!"

"Maguɗi ne!"

"Wa ya wanke bokitin nan?"

Sannu-Sannu ya koma ya zauna a hankali. Daɗin da ya cika masa ƙirji ya tsiyaye ya bar shi da ɗacin baki. In aka sake, ya san ba a cin sa'a sau biyu a wuni ɗaya.

Sakatariya ta ɗauko wayar daga taga. Ta mai da bidiyon baya, ta ɗaga, manyan direbobi suka yi cincirindo a kanta. Ga Guguwa yana jefa lambarsa har da 'yar rawa. Ga Shugaba yana girgizawa. Ga sukudireba. Ga murfi an kifa shi a ƙarshen tebur tun Mama ba ta sa hannu ba, kuma har aka gama babu wanda ya je kusa da shi.

"Kun gani," ta ce. "Ba hannun mutum ba ne, giris ne. Kuma tun girgizar farko ta maƙale. Duk zarowa biyar ɗin nan, lambarsa ba ta cikin bokiti."

"To shi ya sa muka ce a sake!" in ji wani dogo daga baya.

"Kai taka tana ciki ko ba ta ciki?"

"Tana ciki."

"Sau biyar aka zura hannu tana ciki. Me aka hana ka?"

Dogon ya sosa ƙeya. Shugaba ya ɗaga takardar da suka sa wa hannu, ya karanta layin nan da ƙarfi: ba a sakewa sai in an kama maguɗi. Ya ce duk mai shaidar maguɗi ya fito. Ba wanda ya fito, sai gunaguni.

"To ni fa?" Guguwa ya daki ƙirji. "Ni giris ya ci, shi ke nan in tafi gida in yi wanka?"

Mai Turare ya matso yana murmushi irin na mai sasanci.

"Abin ai mai sauƙi ne. Huɗun farko sun riga sun wuce. Wanda ya zo ƙarshe, shi da Guguwa a jefa musu kwabo. Dama 'yan gida ɗaya ne, ko wa ya ci, tuwona maina."

Kai, sai ga mutane suna gyaɗa kai. Sauran ukun da suka ci har da tafi. Sannu-Sannu ya ji gumi ya karyo masa a baya. Ya duba agogon bango, rana ta riga ta karkata, manaja kuma ba ya ƙara wa kowa minti.

"Don na zo na biyar?" ya ce. "Ta biyar ɗin ba mota ba ce?"

"Yaya, ni ban ce a yi haka ba," in ji Guguwa, amma bai kalle shi ba.

"Ba za a yi ba," in ji Sakatariya. Ta cire tabarau ta goge da bakin gyale. "In an jefa kwabo, an ba Guguwa rabi da rabi, abin da ba a ba kowa ba a ɗakin nan. An kuma ɗora wa mutum ɗaya kayan mutum biyar. Lambarsa ba a zarowa ta biyar kaɗai ta yi fashi ba, har da ta farko, wadda kai ka ci."

Murmushin Mai Turare ya ragu.

"Ku saurara," ta ci gaba. "Da lambarsa tana ciki, mene ne rabonsa? Mota biyar, mutum talatin. Biyar cikin talatin, kamar kowa. To wannan za mu ba shi, ba ƙari ba ragi. A wanke lambobin nan duka talatin, har da biyar ɗin da ke allo, a mai da su bokiti. A zaro ɗaya tak. In ta ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin nan ce, Guguwa ya karɓi motar mai lambar. In ta wani ce daban, ƙuri'a tana nan yadda take."

Kowa ya shiga juya abin a ka.

"Wato mu da muka ci, a sake sa wuyanmu a igiya?" in ji wanda ya ci mota ta uku.

"Rashin lambarsa ya ɗan buɗa muku ƙofa, ku biyar kuka amfana. Kowannenku zai ɗauki kasadar ɗaya cikin talatin. In an haɗa da wadda aka yi ɗazu, lissafin kowa ya dawo biyar cikin talatin cif, kamar ba a taɓa yin giris a duniya ba."

"In kuma tasa ce ta fito fa?" in ji dogon nan na baya. "Ta Guguwa da kanta?"

Aka yi dariya.

"Bai ci ba," in ji ta. "Ƙofa biyar ce, ga su can a allo. In muka ce tasa ma ƙofa ce, sun zama shida, kuma motar wa zai karɓa? Guguwa, ka ji?"

"Na ji, na ji. Ko ta shaiɗan ce ta fito, in ba ta biyar ɗin nan ba ce, na haƙura. Amma ni zan zaro da hannuna. Ƙuri'ata ce."

"Ya zaro mana," in ji jama'a. An gaji, kowa yana son tafiya.

Ta rubuta sabuwar ƙa'idar a ƙasan takardar, ta karanta wa waya, Guguwa ya sa hannu, mutum biyar suka sa, Shugaba ya sa. Aka tafi da lambobi da bokiti bakin famfo da garin sabulu.

Sannu-Sannu ya fita baranda ya jingina da ginshiƙi. Ɗaya cikin talatin. Ba yawa, amma wanda ya taɓa ganin lamba a manne a murfi ya daina raina ɗaya. Yana nan sai ga Guguwa ya zo ya tsaya kusa da shi, yana yi kamar yana duba waya.

"Kwantar da hankalinka, Yaya," ya ce a hankali. "Shekara nawa ina rataye maka lambar nan? Ko a mafarki na shafa tsagar nan na san ta. Ba zan taɓa ta ba."

Sannu-Sannu ya juyo ya dube shi.

"Ta Mai Turare kuwa," Guguwa ya ƙara rage murya, "ta fi kowacce kauri. Ina wurin aka yanka ta. Daƙiƙa biyu ya ishe ni. Kai da mota, ni da mota, yayata ta yi dariya. Shi kuma ya je ya jefa kwabonsa."

Ya wuce yana fito.

Sannu-Sannu ya tsaya a wurin. Ba wanda ya ji. Ba abin da ake nema gare shi sai ya yi shiru, shirun da ya fi kowa iyawa a garejin nan. Mai Turare kuma, mutumin da ɗazun nan ya nemi a yanka shi a raba nama, ba abin tausayi ba ne. Ya hango motocin biyar a jere a ƙarƙashin rumfa, kujerunsu ko leda ba a cire ba. Ya hango sandar mai gadi.

Sai dai ya san garejinsu. Magana ba ta kwana a cikin Guguwa. Ba za a yi wata guda ba sai ya ba wani labari a wurin shan shayi, yana dariya. Ran da ta fito, kalmar nan ta cikin takarda ce za ta tashi: maguɗi. A rushe ƙuri'a duka, a kori yaron, shi kuma a ce da shi aka ƙulla, tun da gida ɗaya suke. Ko ma ba ta fito ba, kullum da asuba zai rataye lambarsa kusa da ta Mai Turare.

Aka dawo da bokiti yana ɗigar ruwa. Sakatariya ta sake kiran suna, aka sake jefawa, talatin cif. Murfin kuwa Shugaba ya yi jifa da shi ta taga. Guguwa ya naɗe hannun riga ya matso.

"Dakata," in ji Sannu-Sannu.

Duk aka juyo.

"Ƙa'idar farko cewa ta yi ba ɗan gareji ba. Ban ji an soke ta ba. Hannun da ya zaro biyar, shi zai zaro ta shida."

"Yaya!" Guguwa ya zaro ido. "Me kake yi haka?"

"Duk cikinmu nan ba wanda bai san lambobin nan a hannu ba. Ni ma in na zura, na san ta wa na taɓa. Ban ce kowa zai yi wani abu ba. Na ce dai a kira Mama."

Sakatariya ta dube shi, ta dubi Guguwa, ta ɗan jima. 

"Gaskiyarsa," ta ce. "Ni na yi sake. Ina Mama?"

Mama ta tafi. Aka bazama. Wani ya ce ya ga ta nufi tasha, dogon nan ya hau babur ɗin makanike ya bi ta. Agogo yana ta tafiya. Masinjan manaja ya leƙo ya ce Oga yana haɗa jakarsa. Guguwa ya koma jikin bango ya harɗe hannu, ko inda Sannu-Sannu yake bai kalla ba. Shi kuwa Sannu-Sannu ya zuba wa bokitin ido. Da bakinsa ya mai da lambarsa cikin haɗari, kuma in ita ce ta fito, ba kyauta, ba musaya, ya sa hannu.

Sai ga babur. An ciro Mama ƙafarta ɗaya a kan matakalar bas, ta shigo tana nuna su da lema.

"Ku wai ba ku da iyaye ne? Mutum talatin, gemu-gemu, kun kasa ƙirga ƙarfe?"

"Ɗaya tak, Mama. Mu za mu kai ki har ƙofar gida."

"A sabuwar?"

"A sabuwar."

Aka rufa tawul. Shugaba ya girgiza. Mama ta kau da kai, ta zura hannu, ta zaro ba tare da wani lalube ba, ta miƙa wa Sakatariya a dunƙule. Sannu-Sannu ya kafa wa gefen ƙarfen ido. Babu tsaga. Ya saki numfashi.

Sakatariya ta duba, ta sake dubawa, ta ɗaga wa waya.

"Ta Guguwa ce."

Guguwa ya daka tsalle har ya kusa taɓa fanka.

"Tawa! Tawa ce ta fito! Allah ya yi!"

Rabin ɗaki ya ɗauki shewa, rabi ya tsaya yana kallon-kallo. Wasu suka fara cewa ai gaskiya, mutum lambarsa ta fito a gaban kowa, ya za a ce bai ci ba? Mai Turare ya fara ja da baya yana laluben allo da ido. Ƙura na shirin sake tashi.

Sakatariya ta ɗauko waya, ta mai da baya kaɗan, ta ƙure sauti. Muryar dogon ta fito, ga dariya, ga tata amsar. Sannan muryar Guguwa, tar da ita: "Ko ta shaiɗan ce ta fito, in ba ta biyar ɗin nan ba ce, na haƙura."

Ta kashe. Ta juya masa takardar, yatsanta a kan sa hannunsa.

"To," in ji Mama, tana gyara gyale, "ashe kai ne shaiɗanin."

Dariyar da aka yi har makanikai sai da suka leƙo. Guguwa ya tsaya baki buɗe, sannan ya fizge lambarsa daga tebur ya fice. A bakin ƙofa ya yi kafaɗa da Sannu-Sannu.

"Na gode, Yaya," ya ce. "Allah ya bar zumunci."

Sakatariya ta rubuta sakamako, shaidu suka sa hannu, Mama ta dangwala yatsa. Shugaba ya kwashi takardar a guje, ya tare manaja yana kulle ofis.

A gida, labari ya riga Sannu-Sannu isa. Matarsa ta ajiye masa abinci ba ta zauna ba.

"Ƙanena ya ce kai ka hana shi. Ya ce ya zo maka da alheri ka watsa masa ƙasa a ido."

"Ya gaya miki wane irin alheri?"

"Bai faɗa ba."

"To in ya faɗa miki, ki zo mu yi maganar."

Ta kalle shi. Ta san ƙanenta, ita ta goya shi. Ta ja kujera ta zauna, ta tura masa kwanon miya, amma har ya gama ci ba ta ce an gode Allah ba.

Washegari da sassafe aka raba makullai. Da aka sake jera tsofaffin motoci, Gwaggo ta faɗa hannun Guguwa, don tasa ta fi ta lalacewa, an tura ta wurin makanikai. Sannu-Sannu ya hau sabuwar bas, ya yage ledar kujera, ya tayar. Ko ƙara ba ta yi. Ƙafarsa ta hagu ta ɗaga da kanta ta taka iska, ya mai da ita ya ajiye.

Yana fitowa daga rumfa ya ji kukan giya a gefensa, ƙarrr, ƙarrr. Guguwa ne a cikin Gwaggo, yana kokawa da ita, gumi har ya jiƙa masa riga. Sannu-Sannu ya tsaya daidai tagarsa, ya sauke gilashi.

"Taka sau biyu. Ka manta? Ba ta son gaggawa."

Guguwa bai juyo ba. Ya ci gaba da kallon gaba, haƙora a cije. Motocin baya suka fara hon. Can sai ya taka, ya saki, ya sake takawa. Giya ta shiga sumul.

"Ka gaya wa yayata ba zan zo cin abinci ranar hutu ba," ya ce, har yanzu bai kalle shi ba.

"Gaya mata da kanka. Ni direba ne, ba masinja ba."

Mai gadi ya ɗaga sanda. Sannu-Sannu ya ɗaga masa hannu, ya wuce ta ƙarƙashinta ya hau titi.